Dafin maciji da guba: in sayi garin nan ko in bari?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar kasuwar Gujungu wani mai magani ya nuna mini gari a ƙullin leda, ya ce yana karya dafin maciji da harbin kunama, har wanda ya sha guba ma a dama masa. Ga girbi ya zo. Shin dafi da guba abu ɗaya ne? In saya in ajiye?"

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka. Guba sai ta bi ta baki, ko hanci, ko ta ratsa fata kafin ta yi aiki, irin su fiya-fiya, ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, ko rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba. Shi kuwa dafi dabba ce ke haɗa shi a jikinta, kuma tana da makamin da za ta huda ka ta zuba shi cikin tsoka. Yawancinsa furotin ne, dangin abin da ciki ke narkarwa, shi ya sa sai ya tsallake ciki ya shiga jini yake ɓarna. To garin da aka dama maka ka sha yana can cikin tumbi, dafin kuma yana ƙafa yana hawa. Ina za su haɗu?

Bari in ba ka labarin ƙanena. Kububuwa ta sare shi a idon sawu yana ɗaurin dami da yamma, a gonarmu ta wajen Kafin Hausa. Da farko kumburi ne kawai da zogi, yana ta hira, har wasu na cewa ai ta kuskure shi. Can da dare ya tofar da yawu muka ga ja, dasashinsa na tsattsafo da jini, wani tsohon ƙurji a gwiwarsa shi ma ya ɓalle. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ja jininsa kamar mililita 2, ta zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, ta ajiye ba ta taɓa ba har minti 20. Da ta karkata kwalbar sai jinin ya gangaro tsararo, bai daskare ba. Ta ce mini, "Yaya, dafin ya shiga." Dole gilashi ne, don a roba jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa ya ruɗi mutum. Aka sa masa allurar karya dafi ta jijiya, suna tsaye a kansa saboda wasu jikinsu kan tayar da ƙaiƙayi ko numfashi ya sarƙe. Bayan awa 6 aka sake gwajin, aka karkata kwalba, jinin ya tsaya gam. Da bai tsaya ba, da an ƙara masa wata. Yau shi ke mana huɗa.

Abin da dafin kububuwa ke yi shi ne ya tayar da sinadaran daskarar da jini gaba ɗaya har su ƙare, ya kuma huda bangon ƙananan jijiyoyi. Mutum na iya kwana yana tafiya da ƙafarsa alhali jini na zuba a ciki, ita ce ake wa laƙabi da gobe da nisa.

Baƙin dutsen nan da ake mannawa a bakin sara kuwa, akwai shi a gidanmu tun zamanin Baba, yana cikin gwangwani. Ƙashi ne da aka ƙona, yana tsotsar danshin bakin ciwo, iyakarsa ke nan.

Dalilin da ya sa magani ɗaya ba zai yi wa duka ba yana cikin asalin dafin. Masana halittu sun gano cewa maciji da kunama ba su gaji dafi daga kaka ɗaya ba, kowa da hanyar da ya bi. A wajen maciji, jakar dafin tana bayan ido, 'yar uwar jakar yawu ce. Sinadaran da ke ciki asalinsu na aikin yau da kullum ne a jiki, kamar narkar da nama da sarrafa jini. Ƙwayar gadon da ke haɗa ɗayansu sai ta ninku biyu, ɗaya ta ci gaba da aikinta, ɗayar ta yi ta canjawa tsara bayan tsara, macijin da nasa ya fi saurin kayar da ɓera ko ƙadangare shi ke ƙoshi ya bar zuriya. Shi ya sa a cikin macizai ma aka rarrabu: na kububuwa jini yake bi, na kasa kumbura nama yake yi ya ruɓar da shi, wasu cikin dangin kumurci kuma numfashi suke tsayarwa, alamar farko fatar ido ta fara faɗowa.

Kunama ta girmi maciji nesa ba kusa ba, an samu burbushinta na fiye da shekara miliyan 400. Nata makamin a ƙarshen wutsiya yake, da jaka biyu a gindin ƙarin, dafin kuma ƙananan sinadarai ne da ke sa jijiyoyin ji su yi ta aika saƙo ba tsayawa. Wannan ne raɗaɗin da ke sa babba kuka. Babba yawanci allurar kashe zafi ta ishe shi, amma yaro in ya fara zufa, amai da dalalar miyau, a ruga da shi. Allurar maciji ba ta yi wa kunama komai.

Akwai kuma wani dodon koɗi na teku da ake kira Konus, ba mu da shi a nan, amma ya isa misali. Ba ya da sauri, ga shi wasu nau'insa kifi suke ci, sai haƙorinsa ya zama kibiya mai rami da yake harbawa. Wani nau'in ma insulin yake saki cikin ruwa, sukarin jikin kifi ya faɗi, ya kasa gudu. Har yau babu allurar karya dafinsa. Mai garin Gujungu dai bai ji labarinsa ba, da ya sa shi a lissafi.

Za ka ce ai ana shan garin a warke. Ana warkewa mana, don ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kowane sara yake zubawa ba, haɗa dafi yana cin masa ƙarfi da lokaci. Irin waɗannan ko ruwan randa aka ba su za su tashi, mai gari ya kwashe yabo.

Ba ka tambaya ba, amma a kula da allurar karya dafin kanta. Ana samo ta ne daga jinin doki ko tunkiya da aka saba wa jikinsu da dafin wasu macizai takamaimai, don haka wadda aka yi da macizan Indiya ba ta kama kububuwarmu yadda ya kamata. Akwai marasa tsoron Allah da ke sayar da irinta, ko wadda wa'adinta ya wuce. A duba kwali a ga sunan kububuwa na kimiyya, wato Echis ocellatus, kuma ma'aikacin asibiti ne zai sa ta, ba mai kemis ba. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, amma ku tambayi babban asibitin da ya fi kusa da ku tun yanzu ko suna ajiye ta.

Kuɗin garin nan, sayi dogon takalmin roba da tocila mai kyau, ragowar ka ajiye na mota. In an yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko warwaro kafin kumburi, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a kai shi. In kumurci ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. In kuma fiya-fiya yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko a sa shi amai, a tafi da shi tare da kwalbar, likita na buƙatar ganin abin da aka rubuta a jikinta.