Kur ɗin dare ya ci mani jikka 15 kafin in gane inda ɗiyata ta maƙale

Ɗiyata tana aji huɗu na koleji, bana za ta zauna BEPC, kuma lissafi ne ciwon kanta. Da aka koma lakkwal a Oktoba sai na sa ta kur ɗin dare a nan unguwarmu Zariya ta Maraɗi, jikka 5 a wata. Mai zuwa gida kuwa jikka 15 aka ce mani, na ce a'a, kuɗin buhun hatsi ba wasa ba ne.

Wata uku tana tafiya bayan magariba, ta dawo wajen tara. Kayenta tsaf, an ja layi da jan bik, kowane aiki da amsarsa. Ni kuwa ina ta murna. Sai ga sakamakon dabuwar na Janairu: 6 bisa 20. Daidai abin da take samu kafin in fara biya.

Ran nan na bi ta, na tsaya bakin taga. Yara sun fi arba'in, ƴan aji uku da ƴan aji huɗu a haɗe. Mushe ya rubuta tambaya a tablo, yara biyu na gaba suka ba da amsa, ya rubuta gyara, sauran suka kwafe. Shi ke nan darasin. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, aka ƙarasa da fitilar tarho. Ban ce mushen bai iya ba, ya iya. Amma ba shi da lokacin duba kayen kowa, kuma ɗiyata ba mai ɗaga hannu ba ce.

Dole na koma wajen mai zuwa gida, wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da maƙwabcina ya haɗa mu. Ranar farko ce ta sa nake wannan rubutu. Bai buɗe littafi ba. Ya ce ta rufe kaye, ya ba ta ƴar takarda da tambaya uku. Ya ce ta warware (x − 3)², ta rubuta x² − 9. Ya ce 1/2 + 1/3, ta rubuta 2/5. Ya ce −3 − 5, ta ce 2. Bai yi mata faɗa ba, sai ya ce ta sa 5 a madadin x. Biyar a cire uku biyu, biyu sau biyu 4. Amsarta kuwa 25 a cire 9, ya ba da 16. Ta yi shiru tana kallon takardar, ta gane da kanta cewa ba su haɗu ba. Sannan ya nuna mata x² − 6x + 9, ta sa 5, ya fito 4.

Ya juyo ya ce mani, “Baba, matsalarta ba ta wannan aji ba ce. Lambobi masu alamar ragi da na kaso ne ba su zauna mata ba tun aji ɗaya da biyu. Ko shekara za ta yi a kur, kwafa kawai za ta yi.” Minti ashirin ya gano abin da na biya wata uku ba a gano ba. Wallahi na ji haushin kaina fiye da na masu kur.

Sai maganar lokaci. Safe lakkwal, bayan la'asar islamiyya, kuma uwarta ta ce ba za a taɓa islamiyya ba. Muka sa Alhamis da Jumma'a da yamma tunda ba karatun islamiyya, da Lahadi da safe, awa ɗaya da rabi kowace rana. Ya hana mu yin awa uku a zama ɗaya, ya ce bayan awa biyu kan yaro ya rufe. Sati huɗu suka yi kan darussan baya kafin su taɓa darasin Thalès na ajinta. Dabuwar na gaba ta samu 10, na bayansa 11 da rabi.

To amma kada a ce na yabe shi duka. Da azumi ya zo, darasin yamma ya rushe, ita a gajiye shi a gajiye, kuma ba mu yi shirin mayar da shi bayan asham ba sai da sati biyu suka salwanta. Sannan jarabawarsa ta jami'a ta taso, ya ɓace kwana goma, tarho a kashe. Kuɗin wata kuwa na riga na biya tun ranar ɗaya. Da ya dawo sai “Baba a yi haƙuri”, kuma har yau darasi biyu kawai ya rama cikin huɗu. Yanzu ƙarshen wata nake biya, akwai takarda a bayan ƙofa da yake sa hannu duk ranar da ya zo.

Ɗan ƙanena yana wancan kur ɗin har yanzu kuma yana amfana, don shi tushensa da ƙarfi, yawan aiki kawai yake nema. Ɗiyata ba za ta koma ba. Kowace Lahadi da dare nakan ɗauki aiki ɗaya daga kayenta, in canza lambobin, in rufe kayen in miƙa mata bik. Jiya na ba ta (x − 7)², ta rubuta x² − 14x + 49, ta gwada da 10 ba tare da na ce ta gwada ba.