Kamri biyu a Haraj: wacce za a je gani?

Ƙanina da ke aiki a Jidda ya turo mini tallar motoci Kamri biyu daga Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, duka 'yan 2016, ya ce: "Yaya, wacce zan je gani?" Ta farko riyal 38,000, ta biyu 34,000.

Mai ta farkon ya buɗe da yabo: mota tsaf, masha Allah, sai mai rabo. Hotuna goma sha biyu, duk an wanke ta. Can ƙasa ya ce mamsha, wato tafiyar da ta yi, kilomita 95,000 ne. Bai ambaci istimara, wato takardar rajistar mota, ba, bai ce komai kan gyara ba. Mai ta biyun kuwa ya fara da shekara da mamsha 230,000, ya ce yana canza baƙin mai duk kilomita 5,000 kuma rasit na nan. Sannan ya faɗi aibunta da kansa: an yi wa ƙofar baya ta dama fenti, mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, yana rage sanyi da azahar, shasi lafiya. Ya rufe da cewa istimara da fahas, wato shaidar binciken lafiyar mota, suna da rai, babu tara, kuma ya yarda a kai ta gwaji duk inda mai saye ya zaɓa.

Na ce masa ta biyun za mu fara gani. Dalilina shi ne tsarin bayanin: kowace magana tana riƙe da ta gabanta. Mamsha kaɗai lamba ce da ake iya juyawa, rasit ne shaidarta. Motar da ta shekara kusan goma a titunan Jidda da 95,000 kacal tana yiwuwa, amma sai an ga hujja. Ka karɓi lambar shasi ka ciro rahoton tarihin mota na Mojaz, ka gwada kilomitan da aka rubuta a baya da abin da ke kan agogon yanzu. Ka kuma leƙa robar birki da fatar sitiyari. In sun suɗe sumul, agogon ƙarya yake.

Fentin ƙofa ba ya tayar mini da hankali, ragi kawai zan nema. Bugun shasi ne ba na sasantawa a kai. A Jidda kuma dole ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarafan kujera, domin ambaliyar Nuwamba 2022 ta shanye motoci da yawa.

Takardu ne ƙarshe a talla, amma su zan fara tambaya a waya, tunda Absher, dandalin hidimomin gwamnatin Saudiyya, ba ya sauya sunan mai mota sai istimara da fahas suna aiki, akwai inshora, an kuma biya tara. Sunan da ke kan istimara ya zama na wanda ke gabanka.

Ƙanin nawa ya kira mai ta farkon ya nemi lambar shasi. Mutumin ya ce sai ya zo da kuɗin kafin alƙalami. Ranar Asabar muka kai ta biyun wurin bakanike.