Aikatau a Saudiyya: ta hannun wa za ki bi, kuma me za ki tambaye shi?

Mace da ke neman tafiya aikatau Saudiyya daga Kano, Katsina ko Sakkwato yawanci hanya uku ce ke gabanta. Akwai hajiyar unguwa ko wani ejan da aka haɗa ku ta waya, ba shi da ofis sai lambar WhatsApp. Akwai kamfanin shirya tafiye-tafiye mai ofis da allon suna, wanda ke yankar tikiti yana kai mutane Umara. Sai kuma kamfanin ɗaukar ma'aikata da ke riƙe da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dukkansu za su ce miki "aiki halas, albashi da riyal". Bambancin yana cikin takardu, kuma tun kina gida za ki iya gano shi.

Hanya ta farko ta fi sauri, ta fi daɗin baki, ita ce kuma ta fi jefa mata cikin wahala. Bari mu ɗauki misali. Ejan ya ce ba sai kin kawo ko sisi ba: shi zai yi miki fasfo, biza da tikiti, ke kuma ki biya shi da albashin wata shida na farko. A ce albashin da ya faɗa riyal 800 ne a wata. Kin ɗauki bashin riyal 4,800 ke nan tun ba ki taka filin jirgi ba, babu takardar da ta nuna nawa ya kashe, babu wadda ta hana shi cewa wata shida sun zama tara. In gidan da aka kai ki bai yi ba, ba ki da wurin komawa, domin wanda ya kai ki bashinsa yake so ya fito, kuma sai kin zauna a gidan zai fito. Abin da ya kamata ki sani shi ne, a tsarin Saudiyya mai gida ne ke biyan kuɗin ɗauko 'yar aiki. Saboda haka ejan da ke yankar albashinki, sau da yawa baki biyu yake ci.

Hanya ta biyu ce ta fi ruɗar iyaye, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Uba zai je ofis, ya ga kujeru da kwamfuta, a nuna masa takardar rajistar CAC a jikin bango, hankalinsa ya kwanta. Takardar CAC tana nuna cewa an yi wa kamfani rajista ne kawai. Mai sayar da siminti ma yana da ita. Ba ta ba kowa izinin ɗaukar 'yan Najeriya aiki a ƙasar waje ba. Wannan izinin lasisi ne daban daga Ma'aikatar Ƙwadago. Irin waɗannan ofisoshin kan ce "ki shiga da bizar Umara, in kin isa za a juya miki ita". Bizar Umara da ta ziyara ba su halatta aiki ba. Ranar da wa'adinsu ya ƙare kin zama takari: babu iƙama, wato katin izinin zama, zuwa asibiti ma da fargaba, in an hana ki albashi ba ki da bakin kai ƙara, ƙarshenta kamu da zaman gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, irin na Shumaisi da ke kusa da Makka, kafin a maido ki gida.

To, tambayar farko ga kowane ejan ita ce: "Alhaji, ina lasisinku na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma na ɗaukar aiki a ƙasar waje ne?" Ki ɗauki hoton takardar, ki duba sunan kamfani da ranar ƙarewarta, domin lasisin sabunta shi ake yi. Kada ki tsaya a kan hoton, takarda ba ta da wuyar ƙirƙira. A kai sunan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku a tambaya ko suna cikin rajista. In ya ce shi wakili ne na wani kamfani a Abuja ko Legas, a nemo lambar kamfanin ta wata hanya, ba daga hannunsa ba, a tambaye su ko sun san shi. Sannan a lura da asusun da ya ce a tura kuɗi: in sunan mutum ne ba sunan kamfanin da ke kan lasisi ba, an gama magana.

Tambaya ta biyu: "Wace irin biza ce, kuma wane ne kafilina?" Bizar aikin gida tana ɗaure da sunan mai gida guda, shi ne kafilinki, kuma a Saudiyya ana ƙulla kwantiragin ne ta dandalin gwamnati mai suna Musaned, tsakanin mai gida da ofishin ɗaukar ma'aikata na can. Kamfani na gaskiya zai iya gaya miki sunan mai gidan, garin da yake, da sunan ofishin da suke hulɗa da shi a Saudiyya. Wanda ya ce "sai kin sauka za a raba ku gidaje" bai san inda za ki kwana ba, ko kuma ya sani ba ya son ki sani.

Daga nan sai kwantiragi. Ki ce a ba ki kwafi ki tafi da shi gida, wani mai jin Larabci ko Turanci wanda ba yaron ejan ba ya karanta miki. A duba albashi da lamba, tsawon wa'adi, wanda zai biya tikitin dawowa, da ranar hutu. Dokar ma'aikatan gida da Saudiyya ta fara aiki da ita a 2024 ta tanadi hutun kwana guda a mako, da aikin da bai wuce awa 10 a rana ba, da hutun wata guda bayan shekara biyu. Kwantiragin da ya yi shiru a kan waɗannan, ko wanda aka miƙo miki a filin jirgi ana cewa "sa hannu, lokaci na tafiya", ba don amfaninki aka rubuta shi ba.

Tambayar da na fi ganin tana tona asiri ita ce ta ƙarshe: "In gidan bai yi mini ba, me zai faru?" Ki saurari amsar da kyau. Ejan bogi zai ce "ai ba za a samu matsala ba, mutanen kirki ne". Mai lasisi zai yi miki bayani dalla-dalla: wanda za ki kira a ofishin can, yadda ake shigar da ƙorafi, da kuma gargaɗin cewa in kika fice daga gidan haka kawai mai gida na iya kai rahoton kin gudu, abin da ake kira hurub, wanda ke mai da ke marar izinin zama. Ki ƙara da tambayar wa zai riƙe fasfonki da wayarki. Dokar Saudiyya ba ta ba mai gida damar ƙwace fasfo ba, ko da yake ana yi, kuma ejan da ya ce "haka al'adarsu take" ya nuna miki ɓangaren da zai tsaya ranar rigima.

Kada a ɗauka lasisi ya kawar da haɗari. Sauye-sauyen da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala, mai ɗaure ma'aikaci da kafilinsa, a 2021 ba su haɗa da masu aikin gida ba, kuma ko ta hanyar halas mace na iya faɗawa gidan da ba a barci sai asuba. Abin da lasisi ke ba ki shi ne kamfani mai adireshi wanda hukuma za ta iya kira ta tuhuma, da suna a rajista. A ganina, in ba a samu hanya ta uku ba, gara a haƙura da tafiyar a wannan karon.

In kuma ejan ya riga ya karɓe fasfo ya hana, ko ya sa an yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba za a faɗa wa kowa ba, ko yana matsa wa yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba a ƙara mata shekaru a takarda, wannan ya wuce maganar ciniki. A kai rahoto ga NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane da aka kafa a 2003, wadda ke da ofisoshi a Kano, Sakkwato da Maiduguri, a tafi da hoton duk takardun da aka karɓa, da rasitin kuɗi, da saƙonnin waya.