Matsin haske: farantin da ke shanyewa da madubin da ke mayarwa

Haske ba shi da nauyi, amma yana tura duk abin da ya faɗa wa. Idan faranti baƙi ƙirin ya shanye shi gaba ɗaya, matsin shi ne P = I/c, inda I yake ƙarfin haske a kan murabba'in mita ɗaya, c kuma gudun haske, kusan mita miliyan 300 a daƙiƙa. Madubi cikakke kuwa sau biyu yake shan turi, na isowar haske da na komawarsa, don haka matsinsa P = 2I/c.

A saman sararin samaniyar duniya hasken rana yana kai wat 1361 a murabba'in mita. Baƙin faranti zai ji matsin kimanin maikrofaskal 4.5, madubi kuwa 9; maikrofaskal kashi ɗaya ne cikin miliyan na faskal, ma'aunin matsi. Filafilan kumbo, wato shimfiɗar da hasken rana ke turawa don tafiyar da kumbo, mai murabba'in mita 100 ke nan zai samu turin miliniyuton 0.9 in madubi ne, rabin haka in baƙi ne; miliniyuton kashi ɗaya ne cikin dubu na niyuton, ma'aunin turi.

Bambancin da ya fi ninkin nan amfani yana bayyana idan an karkatar da farantin da kusurwa θ daga fuskantar hasken kai tsaye. Baƙi yana tafiya inda hasken ya nufa, komai karkatarsa. Madubi kuwa turinsa a tsaye yake kan fuskarsa, matsin ya zama 2(I/c)cos²θ, shi ya sa ake iya tuƙa kumbo da shi.

Masu gwaji sukan ruɗe da na'urar Crookes, wata kwalbar gilashi da aka zuƙe mafi yawan iskarta, mai ɗauke da fukafukai masu gefe ɗaya baƙi, ɗaya mai ƙyalli, da ke juyawa a cikin haske. Fukafukanta suna juyawa kamar gefen baƙi ake turawa, alhali da matsin haske ne, gefen mai ƙyalli zai fi shan turi. Ragowar iskar da baƙin ya ɗumama ce ke juya su.