Shafaffen ruwa ko mai motsi: wanne ya dace da tafkin wanka a hoton zanen gida?

Idan ka ɗora tafkin wanka gefen gida a manhajar zanen 3D ta Blender, za ka zaɓi ɗaya: ruwa shafaffe kamar madubi, ko mai ƙananan igiyoyi. Dukansu a sa musu `IOR`, wato ma'aunin lanƙwasar haske, na 1.33.

Shafaffen ruwa ya fi kyau da hoton almuru, lokacin da fitilun gida suka kama. Amma sai ka sauke kyamara ƙasa, domin ruwa yana nuna surar gini ne idan an kalle shi a karkace. Daga sama, tayil ɗin ƙasa kawai za ka gani. Kuma ba ya rufa asiri, duk kuskuren da ke jikin bango zai fito sau biyu.

Mai motsi na rana tsaka ne. Haɗa `Noise Texture` da `Bump` kaɗan don samar da igiyoyi a saman ruwan, igiyoyin su tattara hasken rana su zana raga mai sheƙi a ƙasan tafkin. Wannan ragar tana cin lokaci wajen fitar da hoton, kuma in lissafin hasken bai isa ba, fararen ɗige-ɗige za su ɓata hoton. Igiya in ta yi yawa, surar gidan ta tarwatse.

A bakin tafki, bar ruwan wajen santimita 10 ƙasa da dutsen gefe, ka ɗan cusa shi cikin bango don kada haske ya ɓulla ta tsakani.