Gargaɗi ga masu odar kaya daga China: ana cutar mutane da agogon shafin bibiyar kaya

Jama'ar Garwa da Marwa, a yi hattara da wani dillali da ke karɓar odar wayoyi daga Guangzhou. Ƙanwata mai shago a babbar kasuwar Garwa ta yi asarar sefa 35,000 a hannunsa, kuma abin ya ƙona mini rai, domin lissafin minti biyu da ya tsare mata kuɗinta.

Ya ba ta lambar bibiya ta gaskiya. Ranar 13 ga wata, bayan sallar isha, ta buɗe shafin kamfanin jigilar ta ga an rubuta `Departed facility`, Guangzhou, 14 ga wata, 02:15. Hankalinta ya tashi: yaya kaya za su tashi gobe alhali muna yau? Da ta kira shi sai ya ce, "Hajiya, ai shafin nan ya lalace, ki rabu da shi. Ina da mutum a ciki, zan riƙa turo miki hoto."

Shafin lafiyarsa ƙalau. Duk lokacin da aka rubuta a wurin, agogon garin da aka ɗora kayan a na'ura ne, ba namu ba. China tana gaban Kamaru da Chadi da awa 7, Dubai kuma tana gabanmu da awa 3. Ke nan 02:15 na Guangzhou shi ne 19:15 na ranar 13 a nan Garwa. Kayan ba su daɗe da tashi ba ta duba.

Washegari ya turo hoto wai kaya sun iso Duwala tun 08:00, 'yan duwan sun riƙe, a tura kuɗi ta waya kafin azahar ko a ƙwace. Ta tura.

Da yamma na karɓi wayarta, mai tsagaggen gilashi, na shigar da lambar da hannuna. Layi na ƙarshe shi ne `Arrived at facility`, Dubai, 06:40. Cire awa 3, ya zama 03:40 namu. Daga nan zuwa 08:00 awa 4 da minti 20 ne kacal, alhali jirgi daga Dubai zuwa Duwala ya fi awa 6 a sama, ban da sauke kaya da sake lodi. Kwalinta yana Dubai sa'ad da yake rantsuwa yana hannun duwan.

Don Allah, kafin ku karanta lokaci ku karanta sunan garin da ke gefensa, ku mayar da shi agogonmu. Idan kayan sun bi ta Faris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Faris yana gaban namu da awa 1, sauran watanni agogonmu ɗaya. Hoton da aka turo muku kuwa ba shaida ba ne, ku shiga shafin da kanku. Wanda ya ce a biya duwan, ya kawo takardar da ke ɗauke da lambar kayan.

Wayoyin sun iso daga baya. Kuɗin duwan ɗin kuwa, har yau in ta kira shi ba ya ɗauka.