Kafin ka tura kuɗi ga shafin intanet: wace hanya ce ke nuna mai shi, wace ce ɓata kuɗi

Salamu alaikum ƴan uwa. Yanzu a Maradi mutum na zaune shago sai a turo mishi shafin wani kamfani ta WhatsApp, ga hotunan kaya ga farashi mai daɗi, ga adireshin biro a ƙasa, a ce tura rabi mu ɗora maka kaya a mota. Akwai hanyoyin da ake bi a gane wa ke bayan shafin, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma kowace akwai inda take tsayawa. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi: shafi ne mai sayar da faifan sola da batura, ya ce shekara goma suna aiki, biro nasu na Kano, ga lambar rajista ya rubuta, kai kuma kaya na jaka ɗari takwas kake so.

Hanyar da kowa ke fara ambata ita ce WHOIS, wato rajistar sunayen shafuka. Kyauta ce, ka buɗe lookup.icann.org a waya ka rubuta sunan shafin kawai, mai ordinata da ke da manhajar whois kuma zai iya buga wannan, ya sa sunan shafin a madadin example.com:

```
whois example.com
```

To amma kar ka shiga da tsammanin ganin sunan mutum. Tun watan Mayu 2018 da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki, mafi yawan kamfanonin rajista sun rufe suna da lambar waya da adireshin mai shafi, abin da za ka gani wurin sunan shi ne REDACTED FOR PRIVACY ko sunan wani kamfanin ɓoye bayani. Wannan rufewar ba laifi ba ce, masu gaskiya ma haka nasu yake, don haka kar ka yanke hukunci a kanta. Abin da ke da amfani a nan layi guda ne, Creation Date ko Created, ranar da anka fara yin rajistar sunan, shi mai shafi ba ya iya gyara shi da hannu. In a misalinmu ka ga wata uku da sunka wuce anka yi rajista alhali suna cewa shekara goma, to ka samu tambayar farko da za ka yi musu. Mai yiwuwa kamfanin tsoho ne shafin ne sabo, yana faruwa sosai, amma sai su kawo wata shaida. Kuma akwai wayon sayen tsohon suna da wani ya bari, a nan sai ka leƙa web.archive.org ka ga abin da shafin ke ɗauke da shi shekarun baya, in da can shafin wani gidan abinci ne na wata ƙasa yau ya koma sayar da sola ai ka gane.

Akwai kuma shafukan da ke cewa biya mu ba ka cikakken rahoton mai shafi. Ni dai ban ba ɗan kasuwa shawarar wannan, don yawanci tsohon bayani ne sunka tara, in shafin sabo ne kuma tun farko a rufe anka yi shi to ba su da abin da za su nuna maka. Haka ɗan kwaɗon nan da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa kusa da sunan shafi da https, mutane na ɗaukar shi shaidar gaskiya, alhali kyauta ake samun shi, abin da yake nufi kawai hanyar da ke tsakanin wayarka da shafin a rufe take.

Wadda ta fi ƙarfi a wurina ita ce rajistar kamfani ta hukuma. Tunda sun ce Kano suke, CAC ce ke riƙe da rajistar Najeriya, ka shiga cac.gov.ng wurin binciken jama'a ka sa sunan ko lambar, RC ga kamfani BN ga sunan kasuwanci, za ka ga ko akwai shi da ranar rajista da ko yana aiki. In a nan gida Nijar ne, lambar RCCM da NIF za ka nema, su turo hoton takardar, ita lambar RCCM ma a cikinta akwai alamar ƙasa da gari da shekarar rajista, sai ka duba ko ta dace da labarin da suke bayarwa, kuma ana iya tabbatarwa wurin magatakardan kotun da ta bayar. Sai dai ga inda mutane ke faɗawa: lambar na iya zama ta gaske amma ta wani ce, ɗan damfara ya kwafo ta ya manna a shafinshi, kai kuma ka bincika ka ga kamfani na nan hankalinka ya kwanta. Shi ya sa dole ka haɗa sunaye uku wuri guda, sunan da ke shafin, sunan da ke rajista, da sunan da ke kan asusun da anka ce ka tura kuɗi. In rajista ta nuna kamfani amma anka ba ka asusun mutum guda, ko anka ce tura ta gidan tura kuɗi da sunan wani yaron shago don wai asusun kamfani na da matsala, tsaya nan, kar ka ƙara taku.

Maganar adireshi kuwa, Google Maps taimako ne amma ka san iyakarshi. Alamar kanti da ke kan taswira mutane ne ke sawa, kuma yabon da ke ƙasa ana iya haɗa shi, in ka ga duka yabon cikin sati guda anka rubuta to ba komai ba ne. Ka juya zuwa hoton sama ka ga ko wurin gini ne ko fili ko unguwar gidaje, sannan ka kwafi adireshin yadda yake ka sa a bincike, wani lokaci za ka tarar kamfanoni da yawa marasa alaƙa duk adireshi ɗaya, wannan biro ne na haya don karɓar wasiƙa kawai, an fi ganin shi ga masu cewa Landan ko Dubai suke. Hoton gaban shagon ma ka sa shi a Google Lens, in ya fito a shafin wani kamfani daban to sato shi anka yi.

Amma ga kaya na jaka ɗari takwas, wallahi ba abin da ya kai aika mutum, kuma mu Maradi ba mu rasa ɗan uwa ko direba ko abokin ciniki a Kano. Ka ba shi kuɗin adaidaita da na ruwa, ya tafi ranar aiki ba tare da an sanar da su ba, kar ya kira lambar da ke shafin don ɗan damfara zai ce mu haɗu a bakin hanya ko mun koma sabon wuri. Ya duba allon suna, ya tambayi mai gadi da maƙwabta tun yaushe suke nan, ya shiga ya ga kayan da idonshi, sannan ya nuna musu shafin da lambar asusun a waya ya ce naku ne? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, don kanti na iya zama na gaske amma shafin wani ne ya buɗe da sunansu su ba su ma sani ba. In sun amsa nasu ne, ya kira ka da bidiyo daga cikin shagon, kuma ko a hakan gara shi ya biya a hannu ya karɓi rasit mai hatimi ya raka kayan har tasha.